Lambar Haraji: Yadda Takardun Wasu Ke Haɗuwa a Kan Sunanka

 Gaisuwa ga mutanen ruga da na kara, da fatake masu bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, da na Illela da Birnin Ƙonni, da na Maigatari da Mai'aduwa da Magariya, har da waɗanda ke jin mu a cikin mota suna jiran a buɗe shinge.

Yau maganarmu a kan lambar haraji ce. A Nijar ana kiranta NIF, haka za ka gan ta a rubuce a saman takardar duwan ko ta lanho. A Najeriya an saba kiranta TIN. A Kamaru NIU ce, a Benin kuma IFU. Suna ne ya bambanta, aikin ɗaya ne. Na san da yawa daga cikinku da kun ji an ce "lamba" kuma an haɗa ta da "haraji", gabanku faɗuwa yake yi, musamman dattawan makiyaya da suka ga zamanin jangali da idonsu. Ba laifinku ba ne. A wancan zamani, ranar da aka ƙirga shanunka ita ce ranar da aka yanka maka abin da za ka biya, shi ya sa da an ji labarin masu ƙirga sun taso sai a raba garke, rabi ya shige daji ko ya tsallaka iyaka. A Kano da Kaduna sai a 1979 gwamnonin wancan lokaci, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, amma tsoron ƙirga bai fita daga zukata ba har yau.

To, bari mu fara da raba abu biyu. Jangali kan dabba yake bi: kana da saniya ɗari, a ce ka biya na ɗari, ko ka sayar da ɗaya ko ba ka sayar ba, ko an yi fari ko an yi damina mai kyau. Harajin da wannan lamba ke yi wa aiki kuwa riba yake bi, wato abin da ya rage maka bayan ka cire uwar kuɗi da abin da ka kashe. Kuma lambar ita kanta ba kuɗi ba ce da ake biya. Mutum yana iya riƙe ta shekara da shekaru ba a bin sa ko sisi, in abin da yake samu bai kai inda doka ta fara karɓa ba. Amma ba zan rufe ku ba: lambar tana sa hukuma ta gan ka. Don haka ma aka yi ta. Abin da ya kamata ka sani shi ne me take nunawa, ta wace hanya, kuma ina ganinta ya tsaya.

Kai makiyayi, ka fi kowa gane wannan. In garkuna biyar suka haɗu a mashaya, farare duka, masu ƙaho iri ɗaya, da me ake raba su? Da shaidar da ke kunne ko zanen da ke cinya. Ba a cewa "farar saniyar nan", don farare sun fi ɗari. To, haka sunayenmu suke a wurin hukuma. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka ɗaga murya ka ce "Alhaji Mamman", ka ga mutum nawa za su waiwayo. Kuma mutum ɗaya ma sunansa ba ya tsayawa wuri ɗaya: a gida Mamman ne, a katin shaidarsa Muhammadu, malamin banki ya rubuta wani abu daban, in ya tsallaka Nijar ma'aikacin da ya yi karatun Faransanci ya rubuta shi da nasa haruffan. Wani ya sa sunan uba a gaba, wani ya sa sunan gari. Ranar haihuwa kuwa, mu nawa ne aka rubuta mana 1 ga Janairu don ba a san ranar ba? Ma'aikacin haraji da ke zaune da takardu dubu a gabansa ba shi da hanyar sanin ko waɗannan sunaye huɗu mutum ɗaya ne, ko kuwa wannan suna ɗaya mutum huɗu ne. Lamba ita ce shaidar kunne. Mutum ɗaya, lamba ɗaya, ba ta canzawa in ya ƙaura, ba a ba wani ita in ya mutu.

Yanzu ga inda mutane da yawa ba su gane ba. Suna tsammanin hukuma tana sanin abin da ka samu ne daga bakinka kawai, ko kuma sai ta aiko wani ya zo ya leƙa shagonka. A'a. Yawancin abin da ta sani a kanka, wasu ne suka rubuta shi, kuma ba don su tona maka asiri ba, sai don su wanke kansu. Kowane ciniki yana da gefe biyu. Abin da ya zama kuɗin shiga a wurinka, kuɗin da aka kashe ne a wurin wanda ya saya. Shi kuma in babban kamfani ne, yana so hukuma ta yarda cewa ya kashe wannan kuɗi don a rage masa nasa harajin. Hukuma sai ta ce masa: mun yarda, amma faɗa mana wa ka ba, kuma kawo lambarsa. Ka ga ke nan ya kai rahotonka ba tare da kun yi faɗa ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Kuɗin da zan ambata na misali ne, don lissafi ya fito fili. Farashin kara kun fi ni saninsa.

Ga wani falke mazaunin Jigawa. Ya shiga kara ya sayi bijimai 20, kowanne naira dubu 700, ya kashe miliyan 14 ke nan. Kuɗin tirela, da la'adar dillali, da rasit na kasuwa, da abincin yaran da ke bin mota, da abin da hanya ta ci, duka suka tashi miliyan 1. Ya kai su wani kamfani mai sarrafa nama a Kano, wanda suka yi yarjejeniya da shi, aka saya kowanne dubu 800, jimla miliyan 16. Ribarsa miliyan 1.

Ranar biya, akawun kamfanin ya ce masa, "Alhaji, kawo lambar harajinka." Me ya sa? Saboda a Najeriya akwai ƙa'idar cire haraji tun daga tushe, wadda aka sabunta a 2024 ta fara aiki a farkon 2025. A ƙarƙashinta, in ɗan kasuwa ya kawo wa kamfani kayan da ba shi ya ƙera su ba, kamfanin zai riƙe kashi 2 cikin 100 na kuɗin ya kai wa hukuma da sunan mai kayan. Kashi 2 na miliyan 16 shi ne dubu 320. Falken namu zai tafi da miliyan 15 da dubu 680. Wannan dubu 320 ba tara ba ce, kuma ba kyauta ba ce. Kafin alƙalami ne: ya biya wani ɓangare na harajinsa na shekara tun kafin a yi lissafi.

Kamfanin sai ya aika wa hukuma jerin mutanen da ya biya a wannan wata. Kowane layi yana ɗauke da suna, da lamba, da jimlar ciniki, da abin da aka riƙe. Da yake falken mutum ne shi kaɗai, ba kamfani ba, harajinsa na hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune ne. A can kwamfuta ba ta damu da yadda aka rubuta sunansa ba. Lambar take karantawa, ta ɗauki wannan layi ta jefa shi cikin fayil ɗinsa. Daga wannan rana fayil ɗin ya san abu biyu: wannan mutum ya yi cinikin miliyan 16, kuma ya riga ya biya dubu 320.

Shekara ta ƙare, lokacin bayyana abin da aka samu ya yi. Mu ce falken ya yi irin wannan lodi sau huɗu, ɗaya ga kamfanin, sauran ukun ya sayar a kara, kuɗi hannu. In shaiɗan ya raya masa ya rubuta cewa duk cinikinsa na shekara miliyan 10 ne, ka ga matsala ta fito da kanta. Ba a bukatar ɗan leƙen asiri. Takardarsa ta ce miliyan 10, takardar kamfani ɗaya tak ta ce miliyan 16, dukansu a ƙarƙashin lamba ɗaya. Sai wasiƙa ta biyo baya: zo ka yi bayani. Wannan shi ne duk sirrin abin. Ana ajiye abin da ka faɗa kusa da abin da aka faɗa a kanka, a duba ko sun yi daidai.

Amma mu juya shi ta ɗaya gefen, don nan ne na fi so ku tsaya. Mu ce ya faɗi gaskiya: ribarsa ta shekara miliyan 4. A sabuwar dokar harajin Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta fara aiki a Janairun 2026, naira dubu 800 na farko ba a karɓar komai a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana karɓar kashi 15, wato dubu 330. Miliyan 1 da ta rage ana karɓar kashi 18, wato dubu 180. Harajinsa na shekara ya tashi dubu 510, ba mu ma sa sauran rangwamen da doka ta ba shi ba. Daga nan sai a cire kafin alƙalamin da kamfani ya kai, dubu 320. Abin da zai ciro daga aljihunsa dubu 190 ne.

To, da a ce ranar da akawu ya tambaye shi lamba ya ce ba shi da ita fa? Wannan ƙa'ida ta ce wanda ba shi da lamba a ninka masa. Kashi 4 ke nan, dubu 640, daga cikin ribar miliyan 1 ta wannan lodi. Kuma kuɗin sun tafi ba fayil ɗin da za su shiga, don haka da wuya ya iya tsayawa gobe ya ce nawa ne a lissafa mini. Ku duba da kyau: mutumin da ya guje wa lamba don kada ya biya haraji, a lodi ɗaya ya bar dubu 640, fiye da duk abin da za a bi shi na shekara da ya yi rajista. Ba kuskure ba ne aka yi a dokar. Da gangan aka tsara ta haka, don rashin lamba ya fi samunta tsada.

A nan zan ɗan ratse in ce wani abu game da rasit. Lambar tana tabbatar wa hukuma abin da ka sayar, amma ba ta tabbatar mata abin da ka saya a kara, don makiyayin da ya sayar maka ba ya aika wa kowa rahoto. Hukuma ta ga miliyan 16 ɗin da suka shigo, miliyan 14 ɗin da suka fita kuwa kai ne za ka nuna su. In ba ka da komai a rubuce, ma'aikaci yana da ikon ya ƙiyasta ribarka da kansa, kuma ƙiyasin ma'aikaci ba ya cika zuwa ta wajen da kake so. Littafi na ɗari biyu ya isa: ranar kasuwa, kai nawa, nawa aka saya, wane dillali, kuɗin mota nawa. Ko da ajami ne. Rasit na kara da na lodi kuma a daina nannaɗe goro da su.

Mu tsallaka Nijar. A can babbar ƙofar da lambar ke aiki ita ce duwan. Hukumar lanho, wadda za ka ga an rubuta DGI a takardunta, ita ke ba da NIF. In za ka shigo da kaya da yawa ta Ɗan Isa ko Ƙonni, ko za ka fitar da albasa ko wake ko dabbobi ta hanyar hukuma, taransita zai cika takardar bayyana kaya, kuma akwai gurbin da ake sa lambar mai kayan. Duwan daban, lanho daban, amma dukansu a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi suke, kuma lambar ce igiyar da ta haɗa littattafansu. Duk abin da ya wuce da lambarka a cikin shekara ana iya tara shi wuri ɗaya a ajiye kusa da cinikin da ka bayyana. A can ma akwai kafin alƙalami na harajin riba da ake karɓa a bakin duwan, kuma a can ma wanda ba shi da lamba ya fi mai lamba biya.

Wannan bambanci shi ya haifar da al'adar da nake so in ja kunnenku a kanta, wato aron lamba. Kun san yadda ake yi. Ƙananan 'yan kasuwa biyar sun haɗa kaya a mota ɗaya, ɗaya ne kawai a cikinsu yake da NIF. Sai a ce, "Elhaji, don Allah a wuce da su da lambarka, ma ba ka na goro." Shi kuma ya ga zumunci ne, ga ɗan abin da zai samu. Wani lokaci ma ba a tambayarsa: ya taɓa ba wani mai cika takardu kwafin takardarsa shekara biyu da suka wuce, shi ke nan ta zama ta gayya.

Mu yi lissafinsa. Kayansa na kansa a shekara na sefa miliyan 10 ne, kuma abin da ya bayyana ke nan, bai yi ƙarya ba. Amma na abokansa huɗu, kowanne miliyan 10, duk da lambarsa suka wuce. Littafin duwan ya ce wannan mutum ya shigo da kayan miliyan 50. Ma'aikacin lanho zai tambaye shi tambaya ɗaya: ina kayan miliyan 40? Ba sa cikin sito, ba sa cikin cinikin da ka bayyana, to ka sayar ka ɓoye ke nan. Sai a lissafa masa riba a kan kayan da ko buhu ɗaya bai taɓa ba, a ɗora tara. Kuma da yake a Nijar girman cinikinka ne ke nuna ajin da za a sa ka, ana iya ɗaga shi daga ajin ƙananan 'yan kasuwa masu biyan dunƙulallen lanho, wanda har yanzu wasu ke kira fatanti, zuwa ajin da sai ya riƙe cikakken littafin lissafi ya nemi akanta. In ya ce kayan na abokaina ne, za a ce masa kawo takarda. Abokan kuwa ranar nan kowa wayarsa a kashe.

Masu aron ma ba su tsira ba. A idon hukuma kayan ba nasu ba ne. In aka yi saɓani da mai lambar, ko aka riƙe motar saboda bashin lanho da ake bin sa, ba su da takardar da ke ɗauke da sunansu. Kafin alƙalamin da suka biya daga aljihunsu kuma fayil ɗin wani ya shiga. Ni a ganina, duk wanda kayansa ke tsallaka iyaka fiye da sau ɗaya ko biyu a shekara, wahalar kwana biyu a ofishin lanho ta fi wannan kasada sauƙi nesa ba kusa ba.

Dillalai, ku ma maganar ta shafe ku, kuma taku ta banki ce. Yanzu a kasuwannin iyaka ciniki da yawa ta waya ake biya. Makiyayi ya zo da shanu daga Damargu ko Adar, ba shi da asusu a Najeriya, sai mai saye ya tura kuɗin asusun dillali, dillali ya ciro ya miƙa ko ya canza masa zuwa sefa. A wata ɗaya miliyoyi sun bi ta asusun mutumin da la'adarsa ba ta taka kara ta karya ba. Asusun nan yana ɗaure da lambar BVN da ta NIN, kuma lambar harajin mutum a Najeriya yanzu da NIN aka ɗaure ta, da ita ake nemo ta. Doka kuma ta ɗora wa bankuna su riƙa kai rahoton asusun da manyan kuɗi ke bi ta cikinsa. Kada wannan ya firgita ka. Shigar kuɗi asusu ba riba ba ce, kuma ba a yanka haraji a kan duk abin da ya shigo. Amma in an tambaya, kai ne za ka nuna cewa hanya kawai ka zama. Ka rubuta: rana kaza, kuɗi kaza sun shigo daga wane, na shanun wane, na miƙa masa kaza, la'adata kaza. In da hali ka ware asusu ɗaya na kuɗin mutane, ɗaya na gidanka, kada kuɗin cefane ya cakuɗe da na amana.

To, ina ganin lambar ya tsaya? Wannan ma ya kamata ku sani, don kada a riƙa tsorata ku da abin da babu.

Ba ta ganin garkenka. Ba ta san shanu nawa ke bayan ruga ba, ba ta san wadda ta haihu ko wadda ta mutu ba. Lamba takarda take bi, inda ba a rubuta komai ba ba ta da abin kamawa. Makiyayin da ya kai bijimi biyu kara don ya sayi gero da dusa, aka ƙirga masa kuɗi a hannu, ba wanda zai riƙe masa kashi 2 ko kashi 4, don wannan ƙa'ida ba ta hau kan cinikin nan take na kasuwa ba. Ke ma mai tallan nono da fura haka. Rasit ɗin da kuke yanka a ƙofar kara kuwa kuɗin ƙaramar hukuma ne, ko na magajin gari a Nijar, ba harajin riba ba ne, kuma ba ya bukatar wannan lamba. Takardar allurar dabbobi da ta izinin ƙetare iyaka da garke su ma wani sha'ani ne daban, na malaman dabbobi.

Kuma lambar ba ta tsallaka iyaka. NIF ta Nijar ba ta da fayil a Kano, TIN ta Najeriya ba ta da fayil a Maraɗi. Kowace ƙasa da nata littafin. Wannan yana nufin abin da aka riƙe maka a gefe ɗaya ba ya bayyana da kansa a ɗaya gefen. In kana da shago a Ƙonni kuma kana da wani a Illela, kowanne da inda zai yi rajista. Ƙasashe kan yi yarjejeniyar musayar bayani a tsakaninsu, amma wannan hanya ce ta wasiƙa tsakanin hukumomi, ba wai ma'aikacin da ke bakin shinge yana danna lambarka ya ga asusunka na ƙasar maƙwabta ba. Saboda haka in wani ya tare ka a hanya da sanda da igiya ya ce nuna lambar harajinka ko ka ba da kaza, ka sani ba haka ake aiki da ita ba. Wurinta ofis ne, da takardar duwan, da banki, da teburin akawu.

Abin da ya fi lalata wannan tsari ba wayo ba ne, ƙananan kurakurai ne, kuma yawanci mai gaskiya suke cuta. Akawu ya juya lamba biyu, ya rubuta 38 a maimakon 83. Kuɗinka sun tafi fayil ɗin wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi an ɗora masa cinikin da bai yi ba, kai kuma kafin alƙalaminka ya ɓace. Ta yaya za ka gane? Duk wanda ya riƙe maka haraji, haƙƙinka ne ya ba ka takardar shaidar abin da ya riƙe. Kada ka bar ofishin sai da ita, ko da alƙawarin ranar da za ka karɓa. In ta zo, ka ba yaronka ɗan makaranta ya karanta maka lambar ɗaya bayan ɗaya, kana riƙe da taka takardar kuna gwadawa. Bayan wata biyu ko uku ka leƙa ofishin haraji ka tambaya ko kuɗin sun bayyana a sunanka. In ba su bayyana ba, ko dai an yi kuskuren lamba, ko kuma wanda ya riƙe bai kai ba, ya zuba a aljihu. Wannan na biyun yana faruwa, kuma takardar nan ce kaɗai hujjarka.

Akwai kuma mai lamba biyu. Ya yi rajista da daɗewa ya manta, takardar ta ɓace a ƙaura, sai ya je ya sake sabuwa da wani rubutun suna. Yanzu rabin tarihinsa yana nan, rabi yana can. A ɗaya fayil ɗin shi mai biya ne, a ɗayan kuma mutum ne da ya yi shekaru bai ce uffan ba, tara tana taruwa. In ka san ka taɓa yi, kada ka sake sabuwa. Ka je da katin shaidarka a nemo tsohuwar, in kuma biyun sun riga sun samu ka roƙa a haɗe su. Wannan matsala ce ta sa ƙasashe ke ɗaure lambar haraji da katin ɗan ƙasa, mai hoto da zanen yatsa. Gana ta yi haka tun watan Afrilu na 2021, inda lambar katin ɗan ƙasa ta zama ita ce lambar harajin mutum. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Accra sun san wannan.

Sai na ƙarshe da nake yawan ji a gidajen fatake: mahaifi ya rasu, 'ya'ya suka ci gaba da kasuwanci da lambarsa, don ita aka sani a duwan kuma ita ke kan takardun mota. Shekara biyar, shekara bakwai, mamaci yana ta shigo da kaya. Ranar da za a raba gado, ko ɗaya daga cikin 'ya'yan ya nemi bashin banki ko kwangilar kai raguna wata ma'aikata, sai a ce ya kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekarun baya. Ba shi da ita, don a littafin hukuma bai taɓa sayar da ko akuya ba. Duk abin da ya biya da guminsa yana kan sunan wanda ke kabari, haka ma duk bashin da ya taru, wanda zai iya faɗowa kan dukiyar magada gaba ɗaya. Abin da ake yi shi ne a kai takardar shaidar rasuwa ofishin da ya ba da lambar, a rufe fayil ɗin bayan an daidaita lissafi, wanda zai ci gaba da harkar ya buɗe nasa. Haka nan in ka daina kasuwanci, ko annoba ta cinye jarin, ka je ka faɗa a rubuce. Fayil ɗin da ba a rufe ba yana nan yana jiran bayani kowace shekara.

Mai neman lambar a gefen Najeriya, ya fara da NIN, sannan ya je ofishin hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa. Ba a sayar da lambar, kyauta ce, duk wanda ya ce ka kawo kuɗin lamba na aljihunsa yake nema. A gefen Nijar kuma ofishin lanho mafi kusa da inda kake sana'a, da katin shaidarka, da takardar rajistar kasuwanci in kana da ita. Ka tambaye su adadin kafin alƙalamin da ke aiki a bana, don irin waɗannan kaso sukan canza da dokar kasafin kuɗi. In an ba ka takardar, ka yi kwafi, ka bar ta asali a gida cikin akwatin da kake ajiye takardun fili.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, za mu karanta su a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.